Sau Nawa Ake Auna Sauti Kafin Ya Zama Lamba?

Duk saƙon murya da aka tura ta waya, da duk waƙar da ke cikin kwamfuta ko faifan sidi, ba komai ba ne illa jerin lambobi. Na'ura ba ta iya ajiye sauti yadda yake a iska. Abin da take yi shi ne ta riƙa auna shi a kai a kai, ta rubuta abin da ta samu, ta bar abin da ke tsakanin awo da awo ya wuce. Mai hankali zai ce lallai an yi asara, tunda akwai lokutan da na'urar ba ta duba ba. Amma lissafi ya nuna cewa idan aka cika sharaɗi guda, ba a rasa komai. Idan kuwa aka saɓa wa sharaɗin, abin da ke faruwa ya fi asara muni, domin na'urar za ta rubuta sautin da babu wanda ya yi shi.

Abin da ake aunawa

Sauti karkarwar iska ce. Idan makaɗi ya bugi fatar kalangu, fatar takan tura iska gaba ta janye ta baya, sau da yawa a cikin sakan ɗaya, har motsin ya iso dodon kunne. Tafiya gaba da dawowa baya sau ɗaya shi ne zagaye guda. Yawan zagayen da ake yi a sakan shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya sirance, kuma ana ƙidaya shi da ma'aunin haz, wanda ake rubutawa Hz a jikin na'urori, don tunawa da masanin Jamus Heinrich Hertz. Muryar namiji baligi takan tashi daga wajen haz 100 zuwa 150, fito da baki yakan kai dubu ɗaya zuwa biyu. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga wajen haz 20 zuwa 20,000, kuma iyakar ta sama tana raguwa yayin da shekaru ke ja.

Makirufo yana mayar da wannan karkarwa ta zama lantarki mai hawa da sauka. Daga nan wani ɗan guntu a cikin na'urar yake auna ƙarfin lantarkin bisa tazara madaidaiciya, kowane awo ya ba da lamba ɗaya. Tsohon layin tarho yana yin awo 8,000 a sakan. Faifan sidi yana da 44,100. Sautin bidiyo da na fim yawanci 48,000 ne. Waɗannan alƙaluma ba zaɓen ganin dama ba ne, kowanne yana da dalili.

Ƙa'idar fiye da ninki biyu

Ƙa'idar gajera ce: idan yawan awo a sakan ya zarce ninki biyu na sauti mafi siranta da ke cikin abin da ake naɗa, to lambobin sun ƙunshi sautin gaba ɗaya, kuma ana iya dawo da shi yadda yake. Idan aka juya maganar, kowane yawan awo yana da rufinsa, wato rabinsa. Mai awo 8,000 ba ya iya riƙe abin da ya kai haz 4,000. Mai 44,100 rufinsa 22,050, mai 48,000 kuwa 24,000. Wannan rufi shi injiniyoyi ke kira iyakar Nyquist.

Sunan na Harry Nyquist ne, injiniyan kamfanin tarho na Amurka, wanda a 1928 ya yi rubutu kan yawan alamomin da wayar tangaraho ke iya ɗauka a sakan. Vladimir Kotelnikov ya tabbatar da ƙa'idar a Tarayyar Sobiyet a 1933, sannan Claude Shannon ya shimfiɗa ta a 1949 yadda ake koyar da ita yau. Tun a 1915 ma masanin lissafi na Birtaniya E. T. Whittaker ya riga ya fitar da lissafin da ke cike tsakanin awo da awo. Shi ya sa sunan ƙa'idar yake bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Me ya sa ninki biyu? Kowane zagaye yana da tudu da kwari. In ana so a san an yi zagayen, dole awo ya faɗa a ɓangaren tudu, wani kuma a ɓangaren kwari. Ninki biyu cif kuwa bai isa ba. A ce sauti mai haz 4,000 ne ake aunawa sau 8,000 a sakan. Idan aka yi rashin sa'a, kowane awo zai faɗa daidai inda igiyar ke ratsa tsakiya, ba tudu ba kwari, sai a sami sifili, sifili, sifili, kamar an naɗi shiru. Shi ya sa ƙa'idar ta ce fiye da ninki biyu.

Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu ko a tsakanin masu aikin situdiyo, cewa sautin dijital yana fitowa ne a kakkarye kamar matakala, don haka ƙarin awo yana ƙara masa santsi. Hoton matakala da ake gani a littattafai zane ne kawai na sauƙaƙe bayani. Idan aka ɗauki ɗigogin awon aka nemi igiyar da za ta bi ta kan kowannensu ba tare da ta ƙunshi wani sauti sama da rufin ba, igiya ɗaya tak ce za ta dace, ita ce kuwa wadda aka auna tun farko. Na'urar da ke mayar da lambobi sauti tana da mataci a mafitarta wanda aikinsa ke nan, kuma abin da ke isa lasifika santsi ne sumul.

Inda sauti yake shigar burtu

Yanzu sai babbar tambaya: me ke faruwa da sautin da ya haura rufin? Da ɓacewa yake yi, da abin ya zo da sauƙi. Abin da yake yi shi ne ya sauko ƙasa da wata kama, ya zauna cikin sautukan gaskiya. Wannan ɓad-da-kama shi ake kira eliyasin a harshen injiniyoyi.

Duk wanda ya kalli fim ya taɓa ganin tayar mota tana juyawa baya alhali motar gaba take gudu. Kyamarar fim tana ɗaukar hoto 24 a sakan. A ce an ɗiga farin fenti a gefen tayar. Idan tana juyawa sau 24 a sakan, kowane hoto zai sami fentin a wuri ɗaya, sai a ga tayar a tsaye cak. Idan sau 25 ne, kowane hoto zai same shi ya ɗan gota gaba, sai a ga tana juyawa a hankali, sau ɗaya a sakan. Idan sau 23 ne, fentin bai ƙarasa zagayen ba hoto na gaba ya zo, sai ido ya ga tana komawa baya. Kyamarar ba ta yi ƙarya a hoto ko ɗaya ba, jerin hotunan ne ya ba da labarin da ba haka yake ba.

Haka abin yake a sauti, kuma ana iya ganinsa da lambobi. Mu ɗauki na'ura mai awo 8,000 a sakan, mu ba ta tsantsar sauti mai haz 1,000. Kowane zagaye zai sami awo takwas. Idan aka ɗauki ƙololuwar tudu a matsayin 1, ƙasan kwari kuma -1, lambobin za su fito kamar haka: 0, 0.71, 1, 0.71, 0, -0.71, -1, -0.71, sannan su sake daga farko.

To mu canza sautin zuwa haz 9,000. Tsakanin awo da awo, wancan mai 1,000 yana cin kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Wannan mai 9,000 yana cin zagaye guda cikakke da ƙarin kashi ɗaya cikin takwas. Cikakken zagayen nan na'ura ba ta gan shi ba, domin ya fara ya ƙare tana jiran lokacin awo. Ƙarin kawai ta gani. Saboda haka lambobin da za ta rubuta su ne 0, 0.71, 1, 0.71, 0, -0.71, -1, -0.71, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Idan aka kunna, haz 1,000 za a ji.

Mai haz 7,000 shi ne takwaran tayar da ke komawa baya. Yana cin kashi bakwai cikin takwas na zagaye tsakanin awo biyu, wanda a wajen na'ura daidai yake da ja da baya kashi ɗaya cikin takwas. Lambobin za su zama na mai 1,000 a kife, inda aka sami tudu a sami kwari, kunne kuwa haz 1,000 zai ji a nan ma. Hanyar lissafin mai sauƙi ce ga duk sautin da ke tsakanin rufi da yawan awo: a debe shi daga yawan awon. Da awo 8,000, haz 5,000 zai fito a 3,000, haz 6,000 a 2,000, haz 7,500 a 500. Yadda sautin asali ya ƙara siranta, haka na bogin yake ƙara kauri.

A nan haɗarin yake. Tunda lambobin sautuka biyun iri ɗaya ne, babu manhajar da za ta duba fayil bayan an gama naɗi ta ce wannan haz 1,000 na gaskiya ne, wancan na bogi. Bayanin da zai raba su ya tafi tun lokacin awo.

Yadda ake gane shi da kunne

Kayan kiɗa da muryar mutum ba tsantsar sauti ɗaya suke fitarwa ba. Kowane amo yana da uwa, sannan yana da 'ya'ya da ke ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na uwar, haka har sama. Yadda ƙarfin 'ya'yan nan ya rarrabu shi ke bambanta algaita da sarewa ko da amo ɗaya suka busa. Kunne yana haɗe su ya ji abu guda, saboda dukkansu ninkin uwa ɗaya ne.

A ce mai goge ya ja wani siririn amo mai uwa a haz 1,500. 'Ya'yansa suna 3,000, 4,500, 6,000 da 7,500. Aka naɗe shi da awo 8,000 ba tare da wani kariya ba. Uwar da ɗan farko suna ƙasa da rufin 4,000, za su fito lafiya. Na 4,500 zai dawo a 3,500, na 6,000 a 2,000, na 7,500 a 500. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da yake ninkin 1,500, na ƙarshen ma ya faɗo ƙasa da uwar da ta haife shi. Abin da za a ji amo ne mai tsami, mai ƙarar ƙarfe-ƙarfe, da wani gurnani a ƙasa wanda gogen bai yi ba.

Alamar da ba ta kuskure ita ce ta motsi. Idan makaɗin ya ɗaga amon daga 1,500 zuwa 1,550, ɗan da ke 7,500 zai koma 7,750, na boginsa kuma ya sauko daga 500 zuwa 250. Kiɗa na hawa, wani abu a bayansa na sauka. Duk inda aka ji haka a naɗi, to an sami ɓad-da-kama. A manhajar da ke zana hoton sauti, ana ganin layuka suna hawa, su bugi rufi, su juyo ƙasa suna ratsa 'yan'uwansu.

Mai kwamfuta yana iya jin wannan da kansa a manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A ƙarƙashin Generate akwai Tone, inda ake zaɓar siffar igiya. A zaɓi Square a sa haz 3,000, a saurara, sannan a sake yin wani da Square, no alias. Na farkon yana da ƙazanta da ƙananan sautuka a ƙarƙashinsa, domin 'ya'yansa da suka haura 22,050 sun dawo ciki: na 39,000 ya sauka a 5,100, na 45,000 ya zagayo ya sauka a 900. Na biyun an gina shi ba tare da 'ya'yan da suka wuce rufi ba, sai ya fito tas.

Tacewa kafin awo

Tunda ba a iya gyara bayan an yi awo, maganin yana gabansa. Tsakanin makirufo da guntun da ke awo ana sa mataci, wato filta, wanda ke barin sautukan ƙasa su wuce, ya danne duk abin da ya doshi rufi. Da wannan mataci, amon gogen nan zai rasa 'ya'yansa uku na sama, ya fito a ɗan dushe, amma ba za a ƙara masa abin da ba nasa ba.

Tarho misali ne na wannan ciniki. An taƙaita muryar layin tarho tsakanin haz 300 da 3,400, aka auna ta sau 8,000 a sakan, kowane awo da bit takwas, jimla bit 64,000 a sakan. Wannan ya isa a gane magana a kuma shaida mai yin ta. Sai dai yawancin ƙarfin harafin "s" yana sama da haz 4,000, mataci kuwa ya yanke wurin. Shi ya sa a waya wani lokaci sai an maimaita kafin a bambance "sata" da "fata", musamman in kalmar ita kaɗai aka faɗa. Wannan rashi ne da aka zaɓa da gangan don gudun sautin bogi. Sababbin hanyoyin kira da ke awo 16,000 a sakan suna kai murya har wajen haz 7,000, abin da ya sa ake jin kamar mai maganar yana kusa.

Za a lura cewa an tsaya a 3,400 alhali rufin 4,000 ne. Dalili shi ne babu matacin da ke yanka kamar wuƙa, a ce haz 3,999 ya wuce cikakke, 4,001 ya mutu. Kowane mataci yana buƙatar fili da zai riƙa rage ƙarfi a hankali har ya kai ƙasa. Haz 600 ɗin nan da aka bari filin gangarowa ne. Haka ma a faifan sidi: kunne ya tsaya a 20,000, ninki biyunsa 40,000, aka ƙara wani abu a kai don mataci ya sami wurin sauka tsakanin 20,000 da 22,050.

Amma me ya sa 44,100 daidai? Amsar tana tarihin kayan aiki. A ƙarshen shekarun 1970, na'urar da ke iya ɗaukar lambobi masu yawa haka cikin araha ita ce rakodar bidiyo, sai aka riƙa ajiye awon sauti a cikin layukan hoton talabijin, awo uku a kowane layi. A tsarin talabijin mai fita sau 50 a sakan ana amfani da layi 294, kuma 294 sau 3 sau 50 ya ba da 44,100. A tsarin mai sau 60 ana amfani da layi 245, lissafin ya sake ba da 44,100. Da kamfanonin Sony da Philips suka fitar da faifan sidi a 1982, wannan adadi suka tafi da shi.

Filin haz 2,050 ƙunci ne ƙwarai ga matacin da aka haɗa da kayan lantarki, kuma irin wannan mataci mai tsananin gangara yana da tsada, yana kuma iya taɓa sautin da ke kusa da bakinsa. Na'urorin yanzu sun kauce wa matsalar da dabara. Sukan fara awo da gudu mai yawan gaske, misali ninki 64 na 44,100, wato sau 2,822,400 a sakan. Da rufi ya yi nisa haka, mataci mai sauƙi ya wadatar a gaba. Daga nan sai a yi tsattsauran tacewar da lissafi a kan lambobin, inda ake iya yin ta daidai kuma da araha, sannan a rage yawan awon zuwa 44,100 ko 48,000.

Inda yake ɓullowa a yau

Saboda wannan dabara, da wuya a sami ɓad-da-kama a wajen naɗi da na'urar zamani, ko da ta waya ce. Inda ya rage shi ne cikin kwamfuta, bayan sauti ya riga ya zama lamba, kuma ta ƙofa biyu yake shigowa.

Ta farko ita ce rage yawan awo. Idan ana da fayil mai awo 48,000 ana so a mayar da shi 8,000, hanya mafi sauri ita ce a ɗauki awo ɗaya cikin kowane shida a zubar da biyar. Wanda ya yi haka ya sake yin awo ne ba tare da mataci ba, duk abin da ke tsakanin haz 4,000 da 24,000 zai zubo cikin maganar. Manhaja mai kyau takan tace tukuna sannan ta rage. Idan aka ji haruffan "s" da "sh" sun koma wani ƙaiƙayi mai kaushi bayan an canza fayil, a nan ya kamata a fara bincike.

Ta biyu ita ce duk aikin da ke haifar da sababbin 'ya'yan amo a cikin kwamfuta. Mai haɗa kiɗa da ya ƙure ƙarar sauti har ƙololuwar igiyar ta yanke ta zama shafaffiya, ko ya sa manhajar da ke ƙara wa murya kaushi da gangan, ya ƙirƙiri 'ya'ya masu hawa sama ba iyaka, a wurin da babu matacin da ke tare su. Amo mai haz 7,000 da aka yanke wa kai a aiki mai awo 44,100 zai haifi ɗa a 35,000, wanda zai dawo a 9,100, da wani a 49,000, wanda zai sauka a 4,900. Shi ya sa irin waɗannan manhajoji da yawa suke da maɓallin Oversampling: suna ninka yawan awo na ɗan lokaci, su yi aikinsu a inda rufi ke da nisa, su tace, sannan su sauko.

Daga nan ne ake samun amsar gardamar da ake yawan yi kan fayiloli masu awo 96,000 ko 192,000. Ga mai haɗa sauti suna da amfani, domin suna ba shi fili sama da abin da kunne ke ji, inda 'ya'yan amo za su tsaya a tace su kafin su juyo. Ga mai saurare kuwa, ƙarin awon yana ɗaga rufi ne zuwa haz 48,000 ko 96,000, wurin da kunnen ɗan Adam ba ya kaiwa, ba ya kuma ƙara wa sautin da ke ƙasa da 20,000 daidaito, tunda awo 44,100 ya riga ya riƙe shi cikakke. Abin da ya fi dacewa mai ƙaramin situdiyo ya kula da shi shi ne ya naɗa a 48,000 in aikin na bidiyo ne, ya bar tazara kada ƙarar ta bugi ƙololuwa, ya kunna ninkin awo a manhajojin da ke ƙara kaushi, sannan in zai canza yawan awo ya yi shi sau ɗaya a ƙarshen aiki, da manhajar da ke tacewa kafin ta rage.